Dalilin da Ya Sa Bidiyo Ke Ƙin Buɗewa Idan Mutum Ya Ƙetare Iyaka

Duk shekara, idan alhazan Dandin Mahe da sauran garuruwan Bodinga da Shagari suka komo daga ƙasa mai tsarki, ko masu fatauci suka dawo daga Birnin Ƙonni da Yamai, ba a rasa wanda zai ba da labarin cewa wani shiri da ya saba kallo a wayarsa ya ƙi buɗewa tun ranar da ya sauka, alhali kuɗinsa bai ƙare ba, wayar kuma lafiyarta lau. Wasu sukan ɗora laifin a kan raunin sabis, wasu kuwa su yi zaton hukumar ƙasar ce ta haramta. Haramci daga hukuma yakan faru, amma galibi asalin al'amarin ciniki ne da sharuɗɗansa.

Wanda ya shirya fim, ko hukumar da ke da gasar ƙwallo, galibi ba ya sayar da haƙƙin nunawa ga duniya baki ɗaya a dunƙule, sai dai ya yanka shi yanki-yanki, ya ba kowane mai saye izinin nunawa a ƙasashe ƙayyadaddu na wasu shekaru ƙayyadaddu, domin ta haka ne kuɗin ya fi auki. Gasar Firimiya ta Ingila ta isa misali: a Nijeriya tashar SuperSport, wadda ake kama ta a DStv, ita ke nuna ta, a ƙasashen Larabawa kuwa haƙƙin yana hannun beIN Sports ta ƙasar Ƙatar. Kowannensu ya biya dukiya mai yawa bisa sharaɗin kada wani ya shigo masa yanki, saboda haka wajibi ne a kan kowane kamfani, bisa alkawarin da ya sa wa hannu, ya tsare abin da yake nunawa kada ya fita daga haddinsa. Ko Netflix, da ta buɗe ƙofarta ga ƙasashe 130 a lokaci guda a watan Janairun 2016, har da Nijeriya, ba finafinai iri ɗaya take nuna wa kowace ƙasa ba.

To, ta yaya na'urar kamfani, wadda ba ta ganin fuskar mai kallo balle fasfonsa, za ta san inda yake? Duk wayar da ta hau intanet ana ba ta lamba da ake kira adireshin IP, wadda take kamar adireshin da mai wasiƙa ke rubutawa domin a san inda za a aiko masa da amsa. A tsarin da aka fi sani, lambobi huɗu ne a jere da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Hukumomi biyar ne ke rabon waɗannan lambobi a duniya. Ta Afirka ita ce AFRINIC mai mazauni a tsibirin Moris, wadda ke yankar wa irin su MTN da Airtel da Glo rabonsu, yawanci daga rukunan da ke farawa da 41 ko 102 ko 105 ko 197. Saudiyya kuwa tana karɓar nata daga RIPE NCC da ke Amstadam. Akwai kuma kamfanoni, irin su MaxMind, waɗanda sana'arsu ke nan tattara kundin da ke nuna kowane rukunin lambobi da ƙasar da ake amfani da shi. Da zarar mutum ya taɓa bidiyo, sai a dubi lambarsa a cikin kundin, a gwada ta da jerin ƙasashen da aka halatta, a yanke hukunci kafin ƙiftawar ido. Hukuncin bisa zahiri ake yin sa. Ba ruwan na'urar da ko mutum ɗan ina ne.

Mu ƙaddara wani alhaji ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato da layinsa na Nijeriya a waya. Idan ya sauka Madina ya buɗe yawon layi, wato ya ci gaba da amfani da layin nasa na gida, abin mamaki sai ya tarar bidiyon yana buɗewa kamar yana zaune a ƙofar gidansa, domin a al'adar kamfanonin waya, saƙon mai yawon layi ana komar da shi ne zuwa cibiyar kamfaninsa a gida kafin ya fita intanet, sai ya fita da lambar Nijeriya. Illarsa ita ce tsada, ga kuma ɗan jinkiri saboda nisan zagayen. Amma ranar da tsadar ta dame shi ya sayi layin STC ko Mobily ko Zain, ko ya hau intanet ɗin masaukinsa, a ranar lambarsa ta zama ta Saudiyya, abin da aka keɓe wa Afirka ya rufe masa. A YouTube, inda mai ɗora bidiyo ke da ikon zaɓar ƙasashen da za a gani, sanarwar takan fito kamar haka: `The uploader has not made this video available in your country`. A Netflix kuwa sau da yawa babu sanarwa. Fim ɗin ne kurum zai ɓace daga jeri, wasu da bai taɓa gani ba su bayyana a madadinsa.

Gane bambancin wannan da raunin sabis ba wuya. Idan sabis ne, komai zai yi nauyi, hoton ya riƙa tsayawa yana juyi. Idan kuwa shingen yanki ne, sauran bidiyoyi za su buɗe sarai, wannan guda ne zai ƙi. Wanda yake son yaƙini sai ya kashe intanet ɗin masauki ya gwada da layinsa na gida. Abin da aka sauke cikin waya kafin tafiya yakan yi amfani, ko da yake wasu manhajoji suna sa masa wa'adi, ko su hana shi da zarar sun ga sabuwar lamba.

Kundin nan ba ma'asumi ba ne. Yana da ƙarfi wajen sanin ƙasa, amma yana da rauni wajen sanin gari, shi ya sa mutum yana zaune a Dandin Mahe waya za ta ce yana Legas ko Abuja, domin can ne ƙofar kamfaninsa take fita intanet, kuma jama'a masu yawa suna tarayya a lamba guda.

Mutanenmu da yawa sun san VPN tun lokacin da gwamnati ta dakatar da Tuwita daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Aikinsa shi ne ya ara wa mutum lambar wata ƙasa. Sai dai kamfanonin bidiyo sun san lambobin manyan cibiyoyin da ake ara daga gare su, suna kuma toshe su; wasu har suna ƙarawa da duba ƙasar katin banki da lambar waya. Yin hakan kuma ya saɓa wa sharuɗɗan da mai rajista ya amince da su, wasu ƙasashen kuma suna da dokoki a kansa, saboda haka bai kamata baƙo ya shiga ciki da ka ba.

A ganina mai haƙƙi yana da hujja, amma matafiyin da ya biya kuɗinsa cikakku shi ma an tauye shi. Tarayyar Turai ta warware wannan tun ranar 1 ga Afrilun 2018, inda ta wajabta cewa wanda ya biya kuɗin kallo a ƙasarsa, idan ya ziyarci wata ƙasar Tarayyar na ɗan lokaci, a ba shi abin da ya saba gani a gida, ana la'akari da mazauninsa na asali. Ɗan Sakkwato da ke safara tsakanin Illela da Ƙonni, yana ƙetare iyaka da safe ya komo da maraice, ya cancanci hukumomin yankinmu su nema masa irin wannan rangwame.