Hoto 15 a haɗe sun fi ɗaya, amma da sharaɗi

Idan ƙananan rubutun kwalin magani suka ƙi fitowa a hoton salula, ku ɗauki hotuna da yawa a jere. Hannu yana ɗan rawa, don haka kowane hoto yana kama ɗigon da wani ya rasa. Wayoyin Pixel na Google suna wannan haɗin da kansu tun 2018, da hotuna har 15. Manhaja tana daidaita su, ta fitar da guda mai tsabta.

Sharaɗin shi ne abin ya tsaya cik. A kasuwar Gidan Rumji, allon shago zai fito sarai, amma akuya mai tafiya sai ta fito biyu-biyu. Kuma kar ku haɗa hotunan da suka bi ta WhatsApp, domin matsewa ta riga ta share ƙananan bayanan.