Jadawali ɗaya, shafi goma sha biyu

A ce jerin albashin ma'aikata ya cika shafi 12, kowane shafi da layin kanu a sama: lamba, suna, mataki, albashi. Idan manhaja ta karanta hotunan aka haɗa su, kanun zai fito sau 12, alhali ɗaya ake buƙata.

Umartar kwamfuta ta goge layukan da suka yi daidai da na farko ba ya wadatarwa, domin manhajar kan karanta "suna" a matsayin "suma" inda tawada ta dushe. Gara a duba gurbin lamba: duk layin da kalma ta zauna a wurin adadi, abin tuhuma ne. Amma a lura, wani lokaci ragowar dogon suna ne da ya tsallako daga shafin baya, sai a mayar da shi layinsa.

Daga nan a ƙirga. Ma'aikata 300 da kanu ɗaya, layi 301 ke nan. In an ga 312, ba a cire ko ɗaya ba.