Yadda sikeli ke tona asirin tsatsa

Tsatsa ba ta gaggawa, shi ya sa ido ba ya ganin cin da take yi wa bututu ko tankin ruwa sai ranar da ya fara yoyo. Injiniyoyi ba sa jiran wannan rana. Guntun ƙarfe suke yanka, su jiƙa shi, su bar sikeli ya faɗa musu saurin cin.

A ɗauki sillen baƙin ƙarfe mai tsawon santimita 5, faɗi 2, kauri 0.2. Idan aka haɗa fuskokinsa shida, faɗin jikinsa murabba'in santimita 22.8 ne. Za a goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli, a wanke maiƙo da asiton, a shanya, a auna a sikelin da ke gane miligiram. Daga nan ba a sake taɓa shi da hannu, domin gumin yatsa ma gishiri ne. Sai a rataye shi da zaren nailan cikin kwalbar gilashi mai ruwan gishiri, kimanin giram 35 a lita ɗaya, kwatankwacin ruwan teku. Waya ba ta dace da ratayar ba: ƙarfe biyu daban idan suka haɗu cikin ruwa, ɗaya yakan sa a ci ɗaya.

A ruwan asid awoyi kaɗan sun isa, har kumfa za ka ga yana tashi. Gishiri kuwa sai haƙuri. Mu ce an bar sillen kwana 30, wato awa 720.

Wurin wanki ne aikin ya fi lalacewa. Tsatsa tana da nauyi, don haka sillen da ba a wanke ba yana iya fin yadda ya shiga nauyi. Dole a cire ta da buroshi mai laushi da ruwan asid da aka sa wa maganin kare ƙarfe. In an wuce gona da iri kuma, lafiyayyen ƙarfe ake kankarewa a ɗora wa tsatsa laifi. Saboda haka ake wanke wani sabon sille da bai shiga ruwan ba, a ga abin da wankin kaɗai ya cinye, a debe shi daga lissafi.

Mu ce ragin ya tsaya a miligiram 150. Ga lissafin:

CR = 87.6 × W / (D × A × T)

W ragin nauyi ne, D nauyin santimita ɗaya mai fuska shida na ƙarfen, giram 7.85, A faɗin jiki, T awoyi. Amsa ta fito kusan milimita 0.1 a shekara.

Ni dai ba na yarda da wannan adadi sai na ɗaga sillen a haske. Lissafin ya ɗauka ko'ina an ci daidai ne. Idan ƙananan ramuka ne suka ɓulla, ragin nauyi zai yi kaɗan alhali rami ɗaya ya yi nisa, kuma ta nan tanki yake hujewa. Sille mai ramuka, sai an auna zurfin ramin da ya fi zurfi an rubuta shi daban.