Sauya Launin Bayan Hoton Fasfo

Kowace hukuma tana da launin bango da girman da take so a hoton fasfo. Amurka na neman hoto mai inci 2 a tsaye da inci 2 a kwance, bangonsa fari ko mai kusa da fari. Faransa kuwa milimita 35 a kwance da 45 a tsaye take karɓa, kuma ta hana farin bango, sai toka-toka ko shuɗi mai haske. Shi ya sa hoton da aka ɗauka gaban jan ƙyalle yakan koma kan kwamfuta kafin a buga shi.

Aikin yana farawa da raba mutum da bangonsa. A manhajar Photoshop, mai hoto yakan ɗauki Magic Wand ya taɓa jan bangon, manhajar ta zaɓe duk wurin da launinsa ya yi kama da inda aka taɓa. Lambar Tolerance, wadda take zuwa a kan 32, ita ke iyakance kamar. Idan aka ɗaga ta da yawa, zaɓin yakan ci kunne ko gefen hula. Idan ta yi ƙasa, sai jan ya saura ɗigo-ɗigo. Bayan an zaɓe, sai a cike wurin da fari, wanda lambarsa #FFFFFF ce.

A gefen jiki ake gane aikin gaggawa. In aka ƙara girman hoton a allo, za a ga siririn jan layi ya zagaye kai da kafaɗu, wani lokaci ma jan ya haska a kumatu, domin hasken da ya bugi ƙyallen ya dawo kan fata. Farin hijabi ko farar riga sun fi ba da wahala, tunda da zarar bango ya zama fari sai kafaɗa ta ɓace a cikinsa.

Girma kuwa lissafi ne. A bugu mai ɗigo 300 a kowane inci, hoton Amurka zai zama fiksel 600 ta kowane gefe, kuma daga haɓa zuwa saman kai ya kasance tsakanin milimita 25 da 35. Yanke hoton ake yi har ya kai wannan awo. Jan sa ta gefe ɗaya yana faɗaɗa fuska ko ya tsawaita ta.

Sai dai sauyin yana da iyaka. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hana a gyara hoto da manhaja, don haka ana iya mayar da wanda aka ga alamar yanka a gefensa. Ga irin wannan hukuma, gara a sake ɗauka gaban farin bango, mutum ya matso gaba kamar taku ɗaya don kada inuwarsa ta faɗa a kai, yana sanye da tufa mai duhu.