A cikin kan Benjy: yadda ake karanta labarin da tunani ke ba da shi

Mutane da yawa da suka ɗauki littafin William Faulkner mai suna The Sound and the Fury sukan ajiye shi tun ba su kai shafi na goma ba, kuma ba a ga laifinsu ba. Labarin ya buɗe da wani yana leƙe ta shinge. Yana ganin waɗansu mutane suna bugun wani abu, suna cire tuta, suna mayar da ita, suna tafiya. Bai ce wasa suke yi ba, bai ce me suke bugawa ba. Can sai ɗayansu ya ƙwalla kira, yaron da ke tare da mai leƙen kuma ya hau shi da faɗa wai ya daina kuka. Mai ba da labarin bai faɗa mana ya yi kuka ba, daga bakin yaron muka ji.

Mai leƙen shi ne Benjy Compson, ranar kuwa 7 ga Afrilun 1928, ranar da ya cika shekara 33. Ba ya magana, kuma hankalinsa na ƙaramin yaro ne. Filin da yake kallo na wasan gwalf ne, amma a da makiyayar gidansu ce, aka sayar da ita don a biya wa yayansa Quentin kuɗin karatu a Harvard. Kiran da ɗan wasan ya yi na yaron da ke ɗaukar masa sanduna ne, wanda sunan aikinsa a Turance ya zo daidai da sunan yayar Benjy, wato Caddy, wadda ta bar gidan shekara 18 da suka wuce. Duk wannan babu wanda zai zaunar da mai karatu ya bayyana masa. Shi zai tsinto da kansa.

Wannan salon shi ake kira kwararar tunani: marubuci ya janye, ya bar abin da ke gudana a kan mutum ya sauka a takarda yadda ya zo, da gani da ji da tuna baya duk a cakuɗe. Masanin halayyar ɗan Adam William James ne ya yaɗa wannan lafazi a littafinsa na 1890, inda ya nuna cewa tunani ba gunduwa-gunduwa yake zuwa ba, malala yake yi. A 1918 marubuciya May Sinclair ta aro shi ta bayyana littattafan Dorothy Richardson. Daga nan James Joyce ya fitar da Ulysses a 1922, Virginia Woolf ta fitar da Mrs Dalloway a 1925, na Faulkner ya biyo baya a 1929, labarin wani gidan masu hali da ke rushewa a jihar Mississippi ta kudancin Amurka.

Kafin a ce komai a kan zuciyar Benjy, dole a san a wane zamani ake. A wurinsa jiya da shekara 30 baya duk yanzu ne. Faulkner ya bar alamu biyu. Ta farko, yakan sauya zuwa haruffa masu karkata idan lokaci ya juya, ko da yake ba kullum ba. Ta biyu ta fi aminci: a duba wa ke kula da Benjy. Iyalin Dilsey, baƙar fatar da ke yi wa gidan aiki, su ke rainonsa ɗaya bayan ɗaya. Idan Versh ne, Benjy yana yaro ƙarami. Idan T.P. ne, ya zama saurayi. Idan Luster jikan Dilsey ne, to ana 1928. Faulkner ya so a buga kowane zamani da tawada mai launi daban, bai samu ba. Sai a 2012 kamfanin Folio Society ya fitar da bugu mai launi 14. Akwai kuma tarkon suna, domin Quentin biyu ne a gidan, yayan Benjy da kuma 'yar Caddy, shi kansa Benjy Maury aka raɗa masa kafin uwarsa ta sauya sunan a 1900 bayan ta gane ba shi da lafiya.

Bayan an gano zamani, hujja tana nan a wurin da tunanin ya yi tsalle. A farkon labarin Benjy da Luster suna ratsawa ta wani ɓarakan shinge, ƙusa ta kama tufar Benjy, Luster ya tsaya yana cire shi yana mita. Nan take labari ya koma wata ranar sanyi gab da Kirsimeti, shekaru da yawa baya, Caddy ce ke cire shi daga ƙusar, tana ce masa ya sa hannu a aljihu kada sanyi ya kama shi. Mai karatu mai natsuwa zai tambayi kansa abu biyu: me ya tayar da tsallen, kuma ina ya sauka? A nan ƙusa ce ta tayar, ya sauka a kan Caddy. Gaba kaɗan Luster ya sa Benjy ya shiga rafi, sai ga Caddy tana yarinya tana wasa a ruwa, ranar da kakarsu ta rasu a 1898. Idan aka bi tsallen ɗaya bayan ɗaya, za a ga abin da ke tayar da su abu ne na jiki, kamar sanyi, ruwa, wari ko ƙarar suna, kuma mafi yawansu ko dai ga Caddy suke kaiwa ko ga wata mutuwa a gidan. Daga nan ne mutum zai iya tsayawa ya ce: wannan kai ba hargitsi ba ne, yana da cibiya guda da yake kewayawa.

Wari ya fi komai faɗin gaskiya a wurin Benjy. A hancinsa Caddy ƙamshin itatuwa take yi, kuma yana maimaita haka duk lokacin da hankalinsa ya kwanta da ita. Tana shekara 14 ta shafa turare, Benjy ya fashe da kuka ya guje ta. Ta rasa dalili, ta cire hula, ta yi ta lallashi, sai da ta shiga ta wanke jikinta ƙamshin ya dawo ya yi shiru, ta kuma ba Dilsey kwalbar kyauta. Wani dare ya same ta a kan lilo da wani saurayi mai suna Charlie, ya yi ta ihu har ta ruga kicin ta wanke bakinta da sabulu. Karo na uku, bayan ta san namiji, ya ja ta zuwa ƙofar makewayi yana kuka, amma wannan karon wanka ba ya gyara komai. A ranar aurenta a 1910 ya kasa jin ƙamshin gaba ɗaya. Benjy bai san balaga ba, bai san aure ba, amma ya riga duk masu hankalin gidan gane cewa tana fita daga hannunsa.

A nan masu nazari suka rabu. Waɗansu na ganin Benjy kamar na'urar ɗaukar hoto ce, tana ɗauka ba ta fahimta. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Da ya kai hannu cikin wutar murhu, abin da ya ba da labari shi ne hannunsa ya fizge ya nufi bakinsa, muryarsa kuma ta yi ƙara, ba tare da ya haɗa wuta da zafi da kuka a zare ɗaya ba. Idan an kashe fitila, ɗakin ne ya tafi. Kalmar "saboda" kusan babu ita a bakinsa. Jean-Paul Sartre, a maƙalarsa ta 1939 a kan littafin, ya ga mutanen Faulkner a matsayin waɗanda ba su da gobe, abin da ya wuce ya cinye su. Shi kansa Faulkner, a wata hira ta 1956, ya kwatanta Benjy da dabba.

Sai dai shafukan sun fi marubucinsu yi wa Benjy adalci. Na'ura ba ta zaɓen abin da za ta tuna, shi kuwa yana zaɓe. Kuma akwai maganar ƙofar gida. Kullum yakan tsaya a nan, inda ya saba tarbar Caddy daga makaranta, yana kallon 'yan mata 'yan makaranta suna wucewa. Ran nan ya tarar da ƙofar a buɗe, ya fita, ya kama ɗaya. Unguwa ta ɗauka fyaɗe ya yi niyya, aka dandaƙe shi. Amma a cikin kansa abin da ake ta nanatawa shi ne yana ƙoƙarin faɗin wani abu, maganar ta ƙi fita. Wannan shi ne wuri mafi bayyana da labarinsa ya nuna niyya, kuma mai karatu ne kawai ya ji ta. Wanda zai yi gardama cewa Benjy yana da so da nufi, a nan zai kafa ƙafa. Wanda ke ganin akasin haka kuwa zai iya amsawa cewa labarin bai faɗi abin da yake son cewa ba, kuma yarinyar da aka kama tsoronta na gaske ne. Duka biyun suna da shafin da za su nuna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mai karatu ya ara wa mutumin labari tunanin da babu shi a takarda, ya ce Benjy yana nadama ko yana zargin uwarsa. Babu inda aka ga haka. Abin da aka gani shi ne yana yin shiru idan aka ba shi tsohon takalmin Caddy, ko aka zaunar da shi gaban wuta. Kuskure na biyu shi ne mantawa da cewa gini ne. Mutumin da ba ya magana ba zai shirya jimloli gajeru masu tsabta haka ba, balle ya riƙe hirar mutane kalma da kalma. Faulkner ne ya ƙaga masa harshe, don haka littafin ba shaida ba ne a kan yadda masu irin wannan lalura suke tunani a zahiri.

Hanyar gwada kowace gardama tana cikin littafin, tunda kashi huɗu ne. Na biyu na Quentin ne, ranar 2 ga Yunin 1910 da ya kashe kansa: ɗalibin jami'a mai kalmomi jingim, wanda jimlolinsa ke rasa waƙafi da aya duk lokacin da Caddy ta faɗo masa a rai. Na uku na ɗan'uwansu Jason ne, mai tsari da lissafin kuɗi, wanda ya fi sauƙin karantawa kuma ya fi kowa ƙarya. Na huɗu ya fito daga kan kowa ya kalli gidan daga waje, kuma a nan ne aka fara ganin Benjy da ido: ƙaton mutum mai dalalar da yawu, mai tafiya da jan ƙafa. A shafukan ƙarshe Luster ya kora keken doki ta hagun gunkin da ke dandalin gari maimakon dama da aka saba. Benjy ya yi ta kururuwa har Jason ya zo ya juya dokin, gine-gine suka koma wucewa yadda ya san su, sannan ya yi shiru. Masu cewa tsari kawai yake nema sukan kawo wannan, masu cewa rashi ne ke cin sa kuma sukan tuna musu cewa maƙabarta aka nufa da shi a wannan tafiya.