Neman ɗaga ƙafa a rubuce: yadda ake sa ranar biya da ba ta tashi

Kaya da yawa da ke fita daga Kasuwar Singa da Kantin Kwari a Kano ba da kuɗi hannu suke fita ba. Dila yana ba ɗan sari kaya, a rubuta a littafi, a sa mako ɗaya ko biyu, wani lokaci wata guda. Shi ma dilan haka ya karɓo daga kamfani ko daga wanda ya shigo da kayan, da nasa wa'adin a wuyansa. Shi ya sa idan mai shago a Haɗeja ko Gusau ya makara da kwana goma, ba shi kaɗai abin ya shafa ba, akwai motar kaya da ba za a loda ba saboda kuɗinsa bai shigo ba.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma babu dilan da ya daɗe a kasuwa da bai san ciniki yana tsayawa ba. Abin da ke ɓata tsakani shi ne yadda mai bashi yake yi idan ranar ta matso. Wani ya kashe waya. Wani ya turo yaro ya ce maigida ya yi tafiya. Mafi yawa kuwa su ce "a ƙara haƙuri, in sha Allahu cikin satin nan", maganar da dila ba zai iya kai wa nasa ubangidan ba, domin babu rana a cikinta, babu adadi.

Gajeriyar wasiƙa tana maganin wannan, in an san abin da za a sa mata. A ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi da ya sari shinkafa da taliya da man gyaɗa na naira 1,800,000 ranar Litinin 1 ga Satumba, bisa sharaɗin zai biya bayan kwana 14, wato Litinin 15 ga wata. Ranar Alhamis 11 ga wata ya zauna ya yi lissafi, ya ga abin da zai iya haɗawa kafin Litinin bai wuce naira 700,000 ba. Wata makarantar kwana da ta kwashi kayan naira 900,000 a wurinsa ta ce sai Juma'a 19 ga wata za ta biya.

A ranar Alhamis ɗin nan ya kamata ya rubuta, ba ranar Litinin ba, balle Talata bayan an neme shi. Kwana huɗun da ke tsakani su ne ke ba dila damar ya jinkirta wata oda ko ya nemi kuɗi ta wata hanya. Saƙon da ya iso bayan wa'adi ya cika, ko da kalmominsa iri ɗaya ne, dila yana karanta shi a matsayin uzurin wanda aka riga aka kama.

Sai kuma zaɓen ranar, wanda shi ne aikin gaske. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki ranar da aka yi masa alkawari ya miƙa wa dila ita. Makaranta ta ce Juma'a 19, shi ma ya ce Juma'a 19. To idan mai sa hannu a takardar biya bai zo ofis ba fa? Idan cek aka ba shi, wanda ba zai zama kuɗi ba sai banki ya tantance, ga Asabar da Lahadi a gaba? Ko kuɗin sun shigo da yamma, ya je turawa ya tarar ya kai iyakar abin da asusunsa ke iya fitarwa a rana? Mai shagon da ya san kansa zai ƙara kwanakin aiki uku a kai, ya ce Laraba 24 ga wata. Sannan ya sake tambayar kansa: cikin ragowar naira 1,100,000, makaranta za ta kawo 900,000, sauran 200,000 daga ina? Idan yana iya ware naira 60,000 kullum daga cinikin shago, kwana huɗu sun isa. Ranar da aka fitar ta wannan hanya tana da ƙafafun tsayawa. Gara ya nemi kwana tara ya cika da ya nemi huɗu don ya faranta wa dila rai, ya dawo yana neman ƙari.

Kuma rana tana nufin sunan rana da kwanan wata. "Ƙarshen wata" yana iya zama 28, yana iya zama 5 ga wata mai kamawa. "Bayan Sallah" ya fi muni, tunda ita kanta Sallar sai an ga wata ake sanin ranarta, bayanta kuwa ba shi da iyaka.

Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa, bayan an sa kwanan wata da sunan shago da lambar waya a sama:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan ana lafiya, ina rubuto maka ne game da kayan da na ɗauka ranar Litinin 1 ga Satumba, na naira 1,800,000, waɗanda muka yi da kai zan biya ranar Litinin 15 ga wata. Ranka ya daɗe, ba zan iya cika kuɗin gaba ɗaya a ranar ba, domin wata makaranta da ta ɗauki kaya a wurina ta ɗage biyana zuwa 19 ga wata. Ranar Litinin 15 ɗin zan turo naira 700,000. Ragowar naira 1,100,000 zan biya ranar Laraba 24 ga Satumba kafin azahar, in Allah ya yarda, ta asusun da na saba turowa. Idan kuɗin makarantar ba su shigo ba zuwa Litinin 22, zan kira ka a ranar, in turo abin da na tara, in kuma dawo da buhunan shinkafar da ban taɓa ba a madadin sauran, in ka amince da hakan. Ina roƙon ka ɗaga mini ƙafa zuwa wannan rana, ka kuma sanar da ni amsarka. Na gode da amanar da ke tsakaninmu. Allah ya ƙara buɗi."

Dalilin makarar jimla ɗaya kawai ya ci, kuma haka ya dace. Mai rubutun bai kawo rashin lafiyar iyali da kuɗin makarantar yara da tsadar fetur ba. Dila shi ma yana da waɗannan, kuma dogon labari yakan sa shi zargin cewa ana shirya masa hanyar rashin biya ne. Dalilin kuma dole ya zama na gaskiya, domin kasuwa ba ta da sirri; direban da ya kai kayan ko yaron shagon maƙwabci zai faɗi abin da ya gani.

Abin da ya fi komai nauyi a wasiƙar shi ne naira 700,000 ɗin. Wasu sukan riƙe abin da ke hannunsu su ce sai ya cika su biya gaba ɗaya, alhali kuɗin da ke zaune a aljihun ɗan kasuwa ba ya daɗewa bai koma sabon sari ba. Dilan da ya ga alat na kusan kashi 40 cikin ɗari ranar da aka yi alkawari ba ya buƙatar rantsuwa kafin ya yarda da sauran. Akwai kuma batun farashi. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan yanayi kuɗin da suka makara ba sa sayo adadin kayan da suka fita. Shi ya sa ake rubuta adadin bashin ƙarara, don kada ranar biya a ce da sabon farashi za a lissafa. Ƙara wani abu a kan bashin saboda jinkiri kuwa riba ce a wurin Musulmi, don haka abin da mai neman alfarma zai iya miƙawa shi ne biyan wani kaso da wuri, ko mayar da kaya, ko yarda cewa ba zai ɗauki sabon kaya a bashi ba sai ya kammala.

Wasu na ganin rubutu tsakanin mutanen da suka daɗe tare alamar rashin yarda ce. Wannan tunani ba shi da madogara ko a addini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da sa masa ajali sananne. Aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, hadisi kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci.

Sai dai wanda ya rubuta ya sani cewa ya amsa bashin da hannunsa. Takardar hujja ce a gaban alƙali, kuma tun da aka yi Dokar Shaida ta 2011, kotunan Najeriya suna karɓar saƙon waya da na kwamfuta idan an cika sharuɗɗan da ta gindaya. Saboda haka idan akwai katan biyu da suka zo a lalace, ko wani biya da ba a shigar a littafi ba, a daidaita lissafin kafin a rubuta adadi. A yi hattara da cek mai kwanan wata na gaba, wanda wasu diloli ke nema a haɗa da wasiƙar. Wata doka ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi kaya ko bashi da cekin da banki ya mayar saboda babu isassun kuɗi a asusu. Wanda bai tabbata kuɗin za su kasance a ciki ba kada ya sa hannu.

Ba lallai ne a buga wasiƙar da inji ba. Rubutun hannu ya isa, na boko ko na ajami, haka ma saƙon WhatsApp. Ga dattijon da aka saba gaisarwa, ladabi shi ne a fara kiransa ko a je shagonsa a yi magana baki da baki, sannan takardar ta biyo baya a ranar. Saƙon murya shi kaɗai bai wadatar ba, saboda lamba tana shigewa a kunne kuma da wuya a koma a nemo shi. Idan kamfani ne, a sa lambar takardar kayan, a aika wa manaja ko akanta, domin wakilin da ke yawo da mota sau da yawa ba shi da ikon ɗaga wa kowa ƙafa.

Shirun dila ba amincewa ba ne. Har sai ya amsa, wa'adin farko na nan daram, kuma yana da haƙƙin ya ƙi, ko ya ce kwana biyar zai iya bayarwa. Mai shago ya bi sawu washegari, ya samu amsa a rubuce ko da "na amince" ce kawai, ya adana ta tare da rasit ɗin kowane biya. Ranar 24 kuma ya tura kuɗin da safe, ya aika da shaidar turawa, ya nemi a soke sunansa a littafin bashi.