Iyalinka a gida daban, iyalinka a fom ɗin biza daban

Magidancin da ke ciyar da mutum goma a Kano, da ya ga gurbin Dependant a fom ɗin bizar Birtaniya, sai ya fara ƙirga: mahaifiya, ƙannai biyu, ɗan yayansa da yake riƙo. Hukumar shige da fice ba haka take ƙirga ba. A bizar aiki ko ta karatu, wannan gurbi na matar aure ne ko miji, sai kuma 'ya'yan da ba su cika shekara 18 ba. Uwa ba ta ciki, ƙane ba ya ciki, ko da kuwa daga aljihun mai neman bizar suke ci. Mai mata biyu ma da ɗaya kaɗai dokar ta ba shi damar tafiya.

Ƙofar ta ƙara ƙuntata. Tun 1 ga Janairu 2024, ɗalibin da zai yi digiri na biyu na zaman aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike irin na digirgir ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Gurbin Sponsor ne ya fi rikita sabon matafiyi. Mu ɗauki matashin da ya samu gurbin karatu a wata jami'ar Ingila, kawunsa ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ce zai biya komai. A gida kawu ne mai ɗaukar nauyi. A wajen hukuma kuwa jami'ar ce, domin ita ke da lasisin tsaya wa ɗalibi, ita ke ba shi lambar CAS da zai sa a fom. Takardar bankin kawu ba za ta karɓu ba. Abin da aka saba karɓa shi ne asusun ɗalibin ko na iyayensa, kuma kuɗin su kwana 28 a jere ba su gaza adadin da ake nema ba. Dabarar ita ce kawu ya tura kuɗin asusun yaron da wuri, a bar su su zauna.

Ga ma'aikaci, kamfanin da ya ɗauke shi ne ke tsaya masa. Idan aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani kamfanin mai lasisi ko ya bar ƙasar. Wanda ya san kafili a Saudiyya ba zai yi mamaki ba.

Next of kin kuma, wanda ke fom ɗin fasfon Najeriya, wasu na ɗauka magaji ake tambaya, har su rubuta jaririn da aka yi wa suna jiya. Mutumin da za a kira idan wani abu ya faru ake nufi. Gurbin ba ya raba gado, ba ya ba kowa biza. Babban mutum ake rubutawa, wanda ya san an sa sunansa, wanda kuma lambar wayarsa ke shiga.